Shafuka Takwas na Neman Jari: Misalin Matatsar Man Gyaɗa



Idan kika tsaya gaban jami'in banki kina haska masa shafuka a majigi, tambaya ɗaya ce a ransa: daga ina kuɗina za su dawo? Bari mu ɗauki misalin wata mai matatsar man gyaɗa a Kano da ke neman naira miliyan 6 don sayen sabon inji. Alƙaluman nan na misali ne.

Shafi na farko ya ɗauki sunan kamfani, lambar rajistarsa ta CAC, da adadin da ake nema. Kada a ɓoye adadin sai ƙarshe. Na biyu ya nuna giɓin da ke akwai: dillalai na neman jarka 300 a wata, tsohon inji kuwa 180 yake iya fitarwa. Na uku ya nuna kayan, wato mai da tunkuza, tare da shaidar NAFDAC. Na huɗu ya faɗi masu saye, da hoton rasitai ko takardun oda, domin cewa "kowa na cin mai" ba hujja ba ce. Na biyar kuma ya gabatar da masu tafiyar da aikin, musamman mai riƙe da littafin lissafi.

Na shida shi ne ƙashin bayan bayanin. A nan za ta nuna cinikin wata 12 da suka wuce, kuma dole ya yi daidai da takardar shige da ficen asusunta na banki. Da zarar an ga saɓani, magana ta ƙare.

Na bakwai ya bayyana yadda za a biya. A ce bankin da ba ya mu'amala da ruwa, irin su Jaiz, ya sayi injin ya sayar mata ta hanyar murabaha a kan miliyan 7.2 cikin wata 24. Biyan wata ya kama naira 300,000. Idan ribarta za ta kai 700,000, akwai sarari. Amma gyaɗa kan yi tsada a Dawanau kafin kaka, saboda haka ta nuna lissafin watan tsada ma: ko riba ta sauka zuwa 450,000, bashin zai biyu.

Na takwas ya danganta da wanda ke gabanta. Banki jingina da masu tsaya mata yake son gani. Mai zuba jari kuwa, tunda da shi za a ci riba a ɗauki asara, kasonsa yake son ji: miliyan 6 a kan kashi 20 cikin ɗari na nufin ta yi wa kamfanin kuɗi miliyan 30 bayan shigar jarin, kuma sai ta kare wannan farashi.

Ina roƙon ku, ku fara gyara littafin lissafi kafin ku zana shafi ko ɗaya.