Fiksel da DPI: me ya sa hoton da ya yi kyau a waya yake fashewa a takarda?

 Ga rubutaccen abin da muka tattauna, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau maganarmu a kan wata gardama ce da ake yawan yi a shagunan buga hotuna. Mutum zai kawo hoto, mai shago ya duba ya ce: “Alhaji, wannan DPI ɗinsa 72 ne, ba zai fita da kyau ba, sai mai 300.” Shi kuma ya ce: “Haba malam, ai a wayata tangaram yake!” Kowa da gaskiyarsa, amma sau da yawa dukansu biyu ba su duba lambar da ta kamata ba. Ga kuɗin takarda da na tawada, idan aka buga ya lalace ba mai dawo da su.

To bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Mu ƙaddara ƙungiyar matasan unguwa a nan cikin birnin Katsina tana son buga kalanda da bana, kuma hoton da za a saka shi ne na Hasumiyar Gobarau, wannan ginin ƙasa mai tsawon kusan mita 15 da tarihi ke dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Ɗaya daga cikinsu ya je ya ɗauko hoton da wayarsa, a tsaye, tunda hasumiya doguwa ce.

Abu na farko, mene ne a cikin hoton nan? Idan ka yi ta faɗaɗa shi a kwamfuta, za ka ga ya koma ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu, kowane gida da launinsa guda. Kowane ɗaya shi ne fiksel. Wayar da ke ɗaukar hoto mai megafiksel 12 takan ba ka fiksel 3000 a faɗi, 4000 a tsawo. Ka ninka su, miliyan 12 ke nan. Wannan shi ne ainihin dukiyar hoton. Duk wani tsagi da ke jikin bangon hasumiyar, duk wata inuwa, a cikin waɗannan gidajen suke.

DPI kuwa ba dukiya ba ce, rabo ne. Ma'anarsa fiksel nawa za a jera a cikin inci ɗaya na takarda, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Ku kwatanta da gero. An ba ka tiya ɗaya. Idan ka zuba a faifai, zai yi kauri, ba ka ganin ƙasan faifan. Idan ka baza shi a babbar tabarma, sai ka riƙa ganin tabarmar ta tsakanin ƙwayoyin. Geron bai ƙaru ba, bai ragu ba, wurin shanyar ne ya canza. Fiksel shi ne geron, DPI shi ne kaurin shanyar. Shi ya sa hoton da ke zaune a waya ba a iya cewa yana da DPI na gaske sai an faɗi girman takardar da za a buga shi.

Lissafin guda ɗaya ne, ku rubuta shi ku ajiye:

```
DPI = yawan fiksel ÷ yawan inci
```

Yanzu mu gwada da hoton Gobarau. Takardar A4 tsawonta inci 11.7. Raba 4000 da 11.7, za ka samu kusan 340. Ya wuce 300, saboda haka A4 ba matsala. Idan kalandar A3 ce, tsawonta inci 16.5, lissafin ya ba ka kusan 240. Bai kai 300 ba, amma kalanda a bango ake rataye ta, ba wanda zai ga bambanci. Sai bana mai ƙafa 3 a faɗi, 4 a tsawo. Ƙafa 4 inci 48 ne, sai ka samu kusan 83. Kun ga hoto ɗaya, ba a taɓa shi ba, amma ya ba mu 340, ya ba mu 240, ya ba mu 83.

Wani zai ce to ai 83 ta yi kaɗan. A nan ne ya kamata mu san daga ina 300 ɗin ta fito. Daga ido ta fito. Mai lafiyar ido, idan ya riƙe takarda a nisan kamar ƙafa ɗaya, irin yadda ake riƙe katin biki ko littafi, abin da zai iya bambancewa kusan ɗigo 300 ne a inci. Idan ya ja baya, buƙatar tana raguwa daidai da nisan. A mita ɗaya, kusan 90 ta isa. A mita uku, kusan 30 ma ta isa. Shi ya sa manyan allunan talla na bakin titi suke fita tas daga cikin mota, amma da za ka hau ka matsa kusa, ɗigo-ɗigo za ka tarar manya. Saboda haka banar da za a ɗaure a bayan mai jawabi, jama'a suna zaune nesa, 83 ta wadatar har da saura.

To ita 72 ɗin da mai shago ya gani fa? Rubutu ne kawai a jikin fayil, kamar takardar da ake liƙa wa buhu. Wayoyi da kyamarori da yawa suna rubuta 72 kai tsaye ga kowane hoto. Asalinta tsohuwar al'ada ce tun kwamfutar Macintosh ta 1984, wadda allonta ke da ɗigo 72 a inci. Idan ka buɗe hotonmu a Photoshop ka shiga Image Size, za ka ga 3000 da 4000, Resolution 72, girma kuma kusan inci 42 da 56. Cire alamar da ke gaban Resample, sannan ka rubuta 300. Nan take girman zai koma inci 10 da 13.3, fiksel kuma suna nan yadda suke. Ba abin da ya ƙaru, ba abin da ya ɓata. Ka dai tattaro geron ka mayar a faifai.

Inda ake samun ɓarna ta gaske shi ne a hanya. Wanda ya ɗauki hoton ya tura wa sakatare ta WhatsApp, sakatare ya tura wa mai zane, mai zane ya kai shago. Idan aka tura hoto ta hanyar da aka saba, WhatsApp yana matse shi don rage data, sau da yawa ɓangaren da ya fi tsawo yana dawowa kusan 1600. Hotonmu ya zama 1200 da 1600 ke nan, wato ƙasa da miliyan 2 daga miliyan 12. A waya ba za ka lura ba, tunda allon ɗan ƙarami ne. Amma sake lissafin: a A4 ya koma kusan 137, a A3 kusan 97, a bana 33. A kalandar A3 da mutum zai matso ya duba kwanan wata, bangon hasumiyar zai yi sumul kamar an shafe shi da sabon yaɓe, gefenta kuma, inda ta haɗu da sararin sama, ya yi zara-zara kamar matakala. Maganin mai sauƙi ne: a tura hoton a matsayin Document, ko a kwafe shi da waya ta kebul.

Hanya ta biyu ita ce yanka. Idan daga nesa aka tsaya, hasumiyar ta fito ƙarama a tsakiya, sai aka yanke gidajen gefe da wayoyin lantarki, abin da ya rage shi ne hotonka. Idan 900 da 1200 suka rage, da su za ka yi lissafi, ka manta da megafiksel ɗin da aka rubuta a kwalin wayar. Gara a koma a matsa kusa a sake ɗauka.

Yanzu ga dabarar da ke yaudarar mutane. An kawo wancan matsattsen hoton mai 1200 da 1600, sai wani ya buɗe Image Size, ya bar alamar Resample, ya mayar da 72 zuwa 300. Sai fiksel su tashi zuwa 5000 da 6667, fayil ya yi nauyi, a ce ai yanzu ya zama 300. A'a. Kwamfuta ba ta taɓa zuwa Gobarau ba. Abin da ta yi shi ne ta dubi fiksel biyu maƙwabta, ta ƙirƙiro wasu a tsakaninsu da launin da ke tsaka-tsaki. Kamar ƙara ruwa ne a nono: ƙwarya ta cika, nonon dai shi ne na ɗazu. Zai iya ɓoye matakalar nan ta gefe, amma tsagin bangon da ya tafi ya tafi, hoton sai ya fito dishi-dishi. Yadda za ka gane an yi wannan: lambobi manya, amma idan ka buɗe shi a 100% ba wuri ɗaya da yake da kaifi.

Akwai kuma wata DPI ta daban da ke rikita mutane, wadda ake rubutawa a jikin firinta, kamar 600, 1200 ko 1440. Wannan ɗigon tawada ne. Firinta ba ta da launin jar ƙasa irin na Gobarau a cikinta. Galibi tawada huɗu gare ta: shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Sai ta fesa ƙananan ɗigo da yawa kusa da juna kafin ta fitar da launin fiksel guda. Shi ya sa masana ke kiran ta hoto PPI, su bar DPI ga firinta, ko da yake a shago duk DPI ake cewa. Abin riƙewa: don firinta tana da 1440, ba yana nufin hotonka sai ya kai 1440 ba, kuma ba za ta gyara hoton da fiksel ɗinsa suka gaza ba.

Saboda haka kafin ka biya kuɗi, duba fiksel ɗin hoton: a kwamfuta ka danna dama ka shiga Properties, sannan Details, a waya kuma yana cikin bayanan hoton. Ka tambayi girman bugun a inci, ka raba, sannan ka tambayi kanka daga wane nisa za a kalle shi. Idan aikin babba ne, ka ce wa mai shago: “Malam, don Allah yanko mini ɗan ɓangare, kamar saman hasumiyar, ka buga a ainihin girman da zai fito a banar, a takarda ɗaya.” Ka liƙa a bango, ka ja baya zuwa inda mutane za su tsaya. Idan ya yi maka a nan, a buga sauran.

A nan za mu dakata. Wanda yake da hoton da yake shakka a kai, ya rubuto mana fiksel ɗinsa da girman da yake son bugawa, mu yi lissafin tare a shiri na gaba.