Kamashon da Aka Ɓoye wa Mai Karatu



Ga mai rubutu a intanet ya yabi wata fitilar sola, ya sa mahaɗin saye a ƙasa. Ka latsa, ka saya a naira 20,000. In kamashonsa kashi 5 cikin 100 ne, naira 1,000 ta shiga aljihunsa, kai kuwa ba a ƙara maka ko kwabo ba. Wannan halal ɗinsa ne. Abin da ke damuna shi ne ya yi shiru, ka ɗauka shawarar ɗan'uwa ce alhali ta dillali ce.

Gyaran ba wuya. Ya rubuta a sama, kafin mahaɗin farko: "In kun saya ta nan, ina samun kamasho." Da Hausa, tunda da Hausa ya yi yabon. Wanda ya tura wannan magana can ƙarshen shafi da ƙananan baƙaƙe ya san mai karatu zai latsa tun kafin ya kai wurin. Hukumar FTC ta Amurka ma ta ce sanarwar ta fito fili, kusa da yabon.

Sai kuma injin bincike. Google na kallon mahaɗi a matsayin shaida cewa shafi na da daraja, don haka a shekarar 2019 ya fito da alamar rel="sponsored" domin mahaɗin da kuɗi ke ciki. Tsohuwar alamar rel="nofollow" ma tana wadatarwa. Shafin da ya cika da irin waɗannan mahaɗai babu alama, Google na iya mayar da shi baya a sakamakon bincike. Amma mai karatu ba ya ganin wannan alama, tana cikin lambobin shafi ne, saboda haka ba ta ɗauke wa marubuci nauyin faɗa da bakinsa ba.