Jawabin Kwamitin Noma a Taron Cikar Shekara: Yadda Ake Karanta Takardar Hasashen Damina

Shugabar ƙungiya, iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu, da mazajenmu da suka zo taya mu murna, sannunku da zuwa. An ba mu 'yan mintuna, mu 'yan kwamitin noma, mu yi bayani kafin a raba rancen iri da taki na bana. Kuɗin nan gumin kowa ne a cikinmu, don haka muna so kowace ta san abin da takardar hasashen damina take faɗa kafin ta zaɓi irin da za ta karɓa.

Kun tuna shekarar da muka bi ruwan farko muka zuba irinmu duka a ƙasa, sai ruwa ya ɗauke mako biyu, shuka ta ƙone, muka koma kasuwa sayen iri da tsada? A lokacin wasu sun ce ai rediyo ne ya yi ƙarya, tunda ya ce damina za ta yi kyau. Da muka zauna muka duba, sai muka ga rabin maganar muka ji, muka bar rabi.

Takardar da muke magana a kai, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, ita ke fitar da ita a farkon kowace shekara. Tana faɗin lokacin da ake sa ran damina za ta kafu, da lokacin ɗaukewarta, da tsawon kwanakinta, da yawan ruwan, da inda ake tsoron tsaikon ruwa a tsakiyarta. Akwai kuma ta yankin Sahel gaba ɗaya, wadda cibiyar AGRHYMET da ke Yamai da abokan aikinta ke fitarwa gab da damina. A taswirar wannan ta biyun za ku ga lambobi uku a kan kowane yanki, kuma su ne suka fi rikita mutane.

Ga yadda suke. Masana suna ɗaukar lissafin ruwan shekara 30, a yanzu daga 1991 zuwa 2020, su jera shekarun daga mai ƙarancin ruwa zuwa mai yawa, su kasa su kashi uku: goma masu yawan ruwa, goma matsakaita, goma masu ƙaranci. Lambobin nan uku suna faɗin yiwuwar daminar bana ta faɗa cikin kowane kashi.

Mu ɗauki misali, ba na bana ba, don a fahimta kawai. A ce an rubuta 20 na yawan ruwa, 35 na matsakaici, 45 na ƙaranci. Ku duba ƙwaryar nan. Mun zuba ƙwaya 20 a ciki: masara 4, farin wake 7, gyaɗa 9. Masara ita ce damina mai yawan ruwa, wake matsakaiciya, gyaɗa mai ƙaranci. Idan Inna ta rufe ido ta sa hannu ta ɗauko ɗaya, me ya fi yiwuwa ta ɗauko? Gyaɗa, don ta fi kowanne yawa. Amma ku ƙirga sauran: wake da masara a haɗe 11 ne, sun ma fi gyaɗar. Ashe takardar ba ta ce za a yi fari ba. Cewa ta yi ƙwaryar bana ta karkata wajen ƙarancin ruwa fiye da yadda aka saba, domin in babu hasashe, kowane iri kusan bakwai-bakwai ne. Kuma in Inna ta ɗauko masara, wa ya yi ƙarya? Babu. Tun farko an gaya mana akwai huɗu a ciki. Shi ya sa ba a auna gaskiyar irin wannan hasashe da damina ɗaya, sai an bi shi shekaru da dama.

Abu na biyu, yawan ruwa daban, yadda ya rarrabu daban. Ana iya samun cikakken ruwan shekara, amma ya zubo kusan duka a watan Agusta, bayan Yuni ta bar shuka da ƙishi. Takardar kuma ta yanki ce, ba ta gonar mutum ɗaya ba. Mu da kanmu mun sha ganin an yi ruwa a ƙauyen gaba har da ambaliya, mu ko yayyafi babu. Haka nan kafuwar damina a bakin masana ba ruwan farko ba ce. Ma'aunin da da yawansu ke bi shi ne a samu kamar milimita 20 cikin kwana uku, kuma kada dogon tsaiko ya biyo baya. Nan ne muka yi kuskure a waccan shekarar.

To, yaya za mu yi aiki da ita? Mu ci gaba da misali. A ce takarda ta nuna damina za ta kafu a ƙaramar hukumarmu wajen 15 ga Yuni, ta ɗauke wajen 5 ga Oktoba. Kwana 112 ke nan. Kalmar “wajen” tana da nauyi, don ranar na iya gocewa gaba ko baya. Sai mu yi lissafi na biyu: in ta makara da mako ɗaya, ta kuma ɗauke mako ɗaya da wuri, saura kwana 98. Yanzu ɗauki irin da ke hannunki ki gwada shi da lissafin biyu. Gero mai nuna a kwana 90 ya shiga duka biyun. Wake mai kwana 70 ya shiga har da rara. Dawa mai neman kwana 120 kuwa ko na farkon ba ta shiga ba.

Ba mu ce a bar dawa ba, tunda akwai masara huɗu a ƙwaryar. Amma mai gona ɗaya, a shekara irin wannan, gara ta ba gero da wake mafi yawan filin, ta kai dawa gefen da ruwa ke kwanciya. Ta ajiye kashi ɗaya cikin uku na irinta don sake shuka. Kafin ta shuka, ta tona ƙasa ta ga laima ta kai tsawon tafin hannu. Taki kuma ta raba shi biyu, kada ta zuba a busasshiyar ƙasa. Na biyun ya jira shuka ta tsaya da ƙafarta, don in damina ta juya baya, rabin bashin yana nan a buhu. In kuwa ƙwaryar ta karkata wajen yawan ruwa, sai hankali ya koma kan gonakin fadama da gyaran magudanai.

Na ƙarshe, kada a karanta takardar sau ɗaya a ajiye. Hasashen 'yan kwanaki da ake yi a rediyo ya fi kusa da abin da zai faru gobe da jibi, shi za a bi wajen zaɓen ranar shuka da ranar taki. Mu a kwamiti za mu karɓo takardar bana daga malamin gona, mu karanta ta tare a taron wata mai zuwa, kafin a rubuta sunaye. Kowace ta zo da sunan irin da take so da kwanakin nunarsa, mu yi mata lissafin nan biyu.

Sanin gaibu sai Allah, amma Shi ne ya ba mu hankalin yin tanadi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara wa ƙungiyarmu haɗin kai.