Tsarin Liyafar Neman Gudummawa: Yadda Za A Roƙi Mutum Ba A Tsare Shi Ba



Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau shi ne yadda za a tsara liyafar neman gudummawa a ƙasar Karaye da Rogo, a samu abin da ake nema, kuma kowane baƙo ya koma gida da mutuncinsa. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, babban roƙo ana gama shi ne tun kafin ranar liyafa, a zauren mutum, daga shi sai 'yan kwamiti biyu. Ita liyafar wurin godiya ce da bayani, roƙon da za a yi a cikinta kuwa guda ɗaya ne tak, kuma ga jama'a baki ɗaya.

Bari mu fara da abin da kowa ya saba gani wajen ƙaddamar da gidauniya. Mai gabatarwa yakan ɗauki lasifika ya kira sunan wani attajiri, ya jero masa kirari, sa'an nan a kai masa abin magana har kujerarsa, ɗaki ya yi tsit ana jiran adadi. Wannan salo daga sana'ar roƙo aka aro shi. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya buga nazari a kan maroƙan Hausa a 1957, inda ya nuna cewa yabon maroƙi yana tafe da matsi, domin wanda ya hana yana iya jin yabon ya juye habaici. Baƙon da aka kira sunansa ba shiri ya san da haka. Saboda haka ɗayan biyu yake yi: ko ya faɗi abin da ya fi ƙarfinsa don gudun kunya, ko ya faɗi gaskiyar aljihunsa ya ji an yi tafin da bai kai na wanda ya gabace shi ba. Na farko alkawari ne da wuya a cika, na biyun kuwa ciwo ne da ba a mantawa. A gari irin Karaye ko Rogo, inda mai kira da wanda aka kira za su haɗu a masallacin Juma'a da wurin ɗaurin aure, abin yana da nauyi fiye da yadda yake a cikin birnin Kano.

Addini ma ya ba mu ma'auni. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yarda da bayyana sadaka, ta kuma nuna fifikon ɓoye ta. Aya ta 79 a Suratut Tauba ta zargi masu aibanta mai bayarwa da masu yi wa mai ƙaramin ƙarfi ba'a. Abin da muka ɗauka daga nan shi ne, zaɓin bayyanawa ko ɓoyewa na mai kuɗin ne, ba na mai lasifika ba.

Yanzu mu ɗauki misali, kuma alƙaluman da za mu ambata na misali ne kawai. A ce muna son sake rufin azuzuwa 2 na wata firamare tare da sayen bencina, kafinta ya yi lissafi aikin ya kama naira 2,500,000, mun kuma gayyaci mutum 120. In aka raba kuɗin daidai, kowa zai ba da fiye da naira 20,000, wanda ya yi wa malamin firamare ko ƙaramin ma'aikacin ƙaramar hukuma nauyi. To, ba haka ake rabawa ba. Sati 6 kafin ranar, kwamiti ya zauna ya fitar da mutum 15 masu hali. A nemi naira 500,000 wurin ɗaya, a nemi 250,000 wurin kowane ɗaya cikin 4, a nemi 50,000 wurin kowane ɗaya cikin 10. Jimilla naira 2,000,000 ke nan. Abin da ya rage wa sauran mutum 105 shi ne naira 500,000, wato ƙasa da 5,000 kowannensu. Da wannan lissafi babu dalilin takura wa kowa a ranar, domin kashi 4 cikin 5 na kuɗin ya riga ya samu mai shi.

Yadda ake zuwa wurin waɗannan mutum 15 shi ne muhimmin sashe. Ɗalibai ba sa tafiya su kaɗai. A samu dattijo ko babban ma'aikaci wanda mutumin yake jin nauyinsa amma ba ya tsoronsa. A kai masa takardar lissafin kafinta, a faɗi adadin da ake fata, sa'an nan a yi masa tambayoyi biyu. Shin yana so a ambaci sunansa a wurin taro? In yana so, da adadi ko ba adadi? A rubuta amsarsa, kuma wannan takarda ce kaɗai mai gabatarwa zai karanta. Wanda ya ce a ba shi lokaci, a koma sau ɗaya. In bai amsa ba, a bar shi, a aika masa da katin gayyata kamar kowa. Kuɗin abinci da kujeru kuma a nemo wanda zai ɗauki nauyinsu daban, domin a iya faɗa wa baƙi da gaskiya cewa ko kwabonsu ba zai shiga tukunya ba.

Sai zaɓen lokaci. Yawancin iyayenmu manoma ne, kuma wanda aka roƙa a watan Yuli, lokacin da kuɗinsa ke cikin taki da noma, an matsa masa ko da an yi da ladabi. A bari sai kaka ta shigo gida, wajen Disamba ko Janairu. A kuma yarda da gudummawar da ba kuɗi ba, kamar buhun masara, ko bandir ɗin kwano, ko aikin kwana biyu daga magini, wanda gayya ce da muka gada. Game da sa'a, liyafar dare irin ta otal ba ta dace da mai komawa Turawa ko Yammedi ko Zarewa ko Fulatan a kan babur ba. A fara bayan La'asar, a tashi kafin Magariba.

Ga yadda muke ganin jadawalin zai kasance. Da ƙarfe 4:15 a buɗe da addu'a, a yi maraba ta minti 5, inda za a gaya wa baƙi cewa roƙo sau ɗaya za a yi, kuma ba za a kira sunan kowa ba sai wanda ya yarda tun farko. Wannan jimla ɗaya ita ke sa mutane su saki jiki. Daga 4:25 zuwa 4:55 a ci abinci, ba jawabi. Mai riƙe abinci sai an gama tara kuɗi ya mai da baƙonsa jingina. Da 4:55 shugaban makarantar ya yi bayanin aikin cikin minti 10: kwano nawa, katako nawa, yara nawa ke zaune a ƙasa. Kada a jera yaran a gaban jama'a don a jawo tausayi, domin su ma suna da iyaye a cikin ɗakin. Da 5:05 uban taro ya yi magana. Tun daga dokar Jihar Kano ta watan Yulin 2024, Karaye da Rogo ne suka haɗu a Masarautar Karaye, saboda haka ta fada ake bi wajen neman uban taro. Amma aikin basarake sa albarka ne. Kada a sa shi ya yi roƙo da bakinsa, domin maganar sarki umarni ce a kunnen talaka.

Da 5:15 a yi roƙon, cikin minti 5, daga bakin wani ɗan gari da ya riga ya ba da nasa. Ya sanar cewa an samu naira 2,000,000, saura 500,000, ya ce benci ɗaya, alal misali, naira 25,000 ne, kuma mutum 5 na iya haɗuwa su saya. Sa'an nan ya zauna. Kowace kujera tun farko akwai ambulan a kanta, da kati mai ɗauke da lambar asusun ƙungiya a banki, da gurbin da mutum zai rubuta abin da ya bayar ko ranar da zai bayar, da inda zai nuna ko yana son a ambace shi. Kowa ya jefa ambulan ɗinsa a rufe cikin akwati, har wanda bai sa komai ba, don kada a gane mai shi da marar shi. A ajiye akwati na biyu a ɓangaren iyayenmu mata, mace ce kuma za ta kula da shi. Tire buɗaɗɗe da ake zagayawa da shi ba shi da wuri a nan. Mutum 3 su ƙirga, ɗaya daga cikinsu baƙo ne, a sanar da jimilla da 5:35. In an ambaci sunaye, a jero su bisa haruffa, ba bisa yawan kuɗi ba. Da 5:45 a rufe da addu'a.

Wani zai ce, ai gasar attajirai ita ke ɗaga kuɗi, in an hana ta an yi asara. Gaskiya ne tana ɗaga adadin da ake sanarwa, amma kafinta ba ya karɓar sanarwa, sai kuɗi. Kuma ba mu hana kowa bayyana kyautarsa ba. Mun ce dai ya zaɓa da kansa tun yana zaurensa. Wani kuma zai tambaya, in ba a cika 500,000 ɗin ba fa? A faɗi abin da aka samu, a gode, a tashi. Zagaye na biyu karya alkawarin da aka yi wajen maraba ne. Gobe kwamiti ya koma wurin mutum biyu ko uku a keɓe, ko a gama rufi a jinkirta wasu bencina. Haka nan in ɗan siyasa ya zo, a karɓi gudummawarsa ta hanyar da aka karɓi ta kowa, kada liyafar ta koma dandalin yaƙin neman zaɓe.

Yaya za mu gane ko an matsa wa mutane? Alamu uku ne. Na farko, kujeru su fara zama fanko da zarar an ajiye cokali. Na biyu, bayan kwana 30 a duba littafi: in alkawuran da aka cika ba su kai rabi ba, to kunya ce ta yi magana, ba niyya ba. Na uku, baɗi manyan gari su riƙa aiko da wakilai ɗauke da gaisuwa. Maganin na ukun yana cikin abin da ke biyo bayan liyafa: rasit ga kowa cikin sati ɗaya, tunatarwa sau ɗaya a asirce ga mai alkawari, da takardar bayanin yadda aka kashe kuɗin bayan wata 3, a manna ta a bangon makarantar inda mai naira 500 da mai naira 500,000 za su karanta tare.

Muna roƙon kwamitin da za a naɗa ya fara da jerin mutum 15 ɗin nan kafin ya yi maganar katin gayyata ko irin abincin da za a dafa. Allah ya sa mu dace, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.