Buhu Nawa, Tiya Nawa: Yadda Za a Rubuta Awo a Tallar Hatsi

 

Duk wanda ya shiga kasuwar Batsari ranar Alhamis ya san ba a cinikin hatsi da ka. Mai saye zai tura hannu cikin buhu, ya tauna ƙwaya, a auna a gabansa. Amma yau ciniki da yawa a waya ake ƙulla shi, musamman tun da rashin tsaro ya sa wasu fatake suka rage bin hanyoyin da ke kusa da dajin Rugu. Mutum yana Katsina ko Kano, abin da ke gabansa layi ɗaya ne: buhun masara, kuɗi kaza. A kan wannan layin zan yi magana.

A ƙasar Katsina an saba lissafa babban buhu a kan tiya 40, tiyar masara kuma kimanin kilo biyu da rabi, wato buhu ya tashi a kilo 100. Sai dai wannan al'ada ce kawai. Akwai buhun da ake ɗinkewa bai kai haka ba, shi ma sunansa buhu. Bari in ba da misali da farashin da na ƙaddara don lissafi. Wani ya tallata buhu a naira 40,000, wani a 36,000. Kowa zai ruga wurin na biyu. To idan na farko tiya 40 ne, na biyu tiya 32, tiyar na farko ta faɗi a naira 1,000, ta na biyu a 1,125. Mai arahar shi ne mai tsada. Wanda ya sayi buhu 50 a wurinsa kuma zai tarar da giɓin tiya 400, buhu goma cur, bayan ya biya kuɗin mota da 'yan dako a kan buhu 50.

Ita kanta tiyar tana da magana. Cika take aunawa, ba nauyi ba, don haka tiyar gero da ta gyaɗa mai ɓawo ba za su hau sikeli daidai ba. Sannan ga tozo. Wani ma'auni yakan tara hatsi har ya yi tsini, ya tallafe da hannu, wani kuma ya shafe baki. Ga kuma tsohon kwano da aka bubbuge gindinsa ya shige ciki. Kifa shi za ka yi ka gane. Ba ina cewa duk mai awo macuci ne ba, yawancinsu abin da suka gada suke bi. Amma bambancin da ba a gani a tiya guda, idan aka ninka shi sau 40 sai ya zama abincin gida na kwana da kwanaki.

Wani zai ce to a koma kilo a huta. Ina goyon bayan haka, taki ma ai a buhun kilo 50 muke sayensa ba gardama. Sai dai sikeli har ruwa yake aunawa. Sabuwar masara mai laima kashi 20 cikin ɗari, idan ta bushe ta koma kashi 13, kilo 100 zai dawo kimanin 92. Shi ya sa buhun da aka ɗinke a cike da kaka yake saki bayan wata biyu ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Haka shinkafa shanshera: idan aka cashe ta, abin da ke fita bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba. Kilo ba tare da bayanin halin kayan ba, rabin zance ne.

Saboda haka mai rubuta talla ya faɗi irin kayan da halinsa, busasshe ne ko sabo, tsaba ko da ɓawo. Ya faɗi tiya nawa ke cikin buhun, da tozo ko a shafe, da nauyinsa idan an ɗora a sikeli, ya ƙara da kuɗin tiya guda. Kuma awon da ya fara da shi a layin farko ya bi shi har ƙarshe, kada gero ya zo a mudu, dawa a tiya, wake a buhu.

Roƙona ga shugabannin kasuwanninmu da ƙungiyoyi shi ne kowace kasuwa ta ajiye sikeli guda da tiya guda da aka amince da su a wurin sarkin kasuwa, duk mai shakka ya je ya gwada kafin a ɗinke buhu.