Teburin SPSS yana gabanka: me za ka rubuta a babi na huɗu?

Shirin yau na 'yan ajin ƙarshe ne da masu digiri na biyu, waɗanda suka raba takardun tambayoyi, suka shigar da amsoshi a SPSS, suka danna Analyze > Regression > Linear, sai allo ya cika da lambobi, su kuma suka yi tagumi.

Bari in fara da abin da ya same ni. Lokacin da nake digiri na biyu, wani mai shagon kwamfuta na biya ya yi mini lissafin, ya ba ni tebura, ni kuma na liƙa su a babi na huɗu. A ƙasan kowanne na rubuta cewa abin yana da tasiri. Ranar kare kundi, wani dattijon malami ya ɗaga gilashinsa ya ce, "Malam, ka ce yana da tasiri. Ƙaruwa yake sawa ko raguwa? Kuma da nawa?" Wallahi shiru na yi. Amsar tana cikin teburin da ke hannuna, amma ban san inda take ba. Aka ce in koma in sake babi na huɗu da na biyar, abokaina suka gama suka bar ni.

To waɗannan tambayoyi biyu su ne darasin yau: ta wane ɓangare, kuma da nawa. Duk sakin layin da bai amsa su ba, bai gama aikinsa ba.

Mu ɗauki misali. Lambobin nan na darasi ne kawai, ni na tsara su, kada wani ya kwafa ya kai wa malaminsa. A ce kana son ka san abin da ke da alaƙa da makin jarrabawar ɗalibai, maki bisa ɗari. Ka tambayi kowa abu uku: awa nawa yake karatu a mako, awa nawa yake kan waya a rana, da kuma jinsinsa. A wajen jinsi ka ba namiji 0, mace 1.

SPSS zai fito maka da tebura huɗu. Na farko, Variables Entered/Removed, yana nuna abin da ka saka ne kawai. Ka duba ka tabbatar ba ka yi kuskure ba, ka wuce. Sauran ukun, kowanne tambaya ɗaya yake amsawa.

Model Summary yana amsa wannan: daga cikin bambancin makin da ke tsakanin ɗalibai, kashi nawa abubuwan nan uku suka bayyana? Ka duba R Square. A misalinmu .310 ne, wato kashi 31 cikin ɗari. Ragowar kashi 69 yana wajen abubuwan da ba ka auna ba, kamar koyarwar malami, lafiya, ko halin gida. Kuskuren da na fi gani a nan shi ne mutum ya ɗauki R da ke gefensa, wanda yake .557, ya rubuta kashi 56 saboda ya fi girma. A'a. R Square ne ake mayarwa kashi cikin ɗari. Akwai kuma Adjusted R Square, namu .299. Shi yana ɗan rage lambar ne saboda duk abin da ka ƙara a lissafin, ko maras amfani ne, R Square ba ya raguwa. Ka kawo su duka biyun.

Tebur na gaba shi ne ANOVA. Tambayarsa: abubuwan nan uku, a haɗe, sun bayyana wani abu kuwa, ko dace ne kawai? Namu F ya ba da 29.35, Sig. kuma .000. A nan ne na faɗa rami. Na ga .000 sai na ce duka ukun suna da tasiri. Teburin nan ba ya faɗin haka. Kamar a ce maka ƙungiyar ƙwallo ta ci wasa ne. Ba a faɗa maka wanda ya zura ƙwallon ba.

Kafin ka bar teburin, ka leƙa ƙarƙashin df. Za ka ga Regression 3, Residual 196, Total 199. Ka ƙara 1 a kan Total, shi ne yawan mutanen da aka yi lissafin da su: 200. Wannan yana da muhimmanci, domin in ba ka canza komai ba, SPSS yana ajiye duk wanda ya bar gurbi ko da ɗaya ne a cikin tambayoyin da ka saka. Kana iya rubuta mutum 230 a babi na uku, teburinka yana cewa 200. Malamin da ya san aiki da wannan zai fara kama ka.

Yanzu ga mai gayya mai aiki, teburin Coefficients. Na sa shi a rubuce ga masu karantawa:

```
             B      Std. Error   Beta     t      Sig.
(Constant)  48.00     3.40              14.12   .000
karatu       1.20      .18       .44     6.67   .000
waya        -1.50      .50      -.20    -3.00   .003
jinsi        1.10     1.43       .05      .77   .443
```

Kada idonka ya yi tsalle zuwa Sig. Fara da B. Shi ne yake amsa tambayar dattijon nan. Layin karatu: B shi ne 1.20, babu alamar ragi a gabansa. Ma'ana, ɗalibin da ya fi wani da awa ɗaya ta karatu a mako, a matsakaici ya fi shi da maki 1.2, in dai lokacin wayarsu da jinsinsu ɗaya ne. Wannan sharaɗin na ƙarshe kada ka yar da shi, shi ne dalilin saka abubuwa ukun tare.

Layin waya: -1.50. Ka ga ɗan layin nan na ragi? Ƙarami ne, amma shi ne rabin labarin. Kowace ƙarin awa ɗaya a waya a rana tana tafiya da raguwar maki 1.5. Na taɓa karanta kundin da aka manta da wannan alama, mai shi ya ba da shawara a babi na biyar a kan kishiyar abin da ya gano.

Sai yanzu ka dubi Sig. Ita tana gaya maka ne: da a ce a gaskiya babu wata alaƙa, yaya yiwuwar ka samu sakamako mai ƙarfin wannan ko fiye, ta dace kawai? Iyakar da aka saba sawa ita ce .05. Karatu da waya suna ƙasa da ita. Jinsi kuwa .443 ne, ya wuce ta nesa. B ɗinsa yana cewa mata sun fi maza da maki 1.1, tunda mace muka ba 1. Amma dubi Std. Error ɗinsa, 1.43, ya ma fi B ɗin girma. Wato rawar da ma'aunin yake yi ta fi abin da ya auno. Don haka ba za ka ce mata sun fi ba. Kuma ba za ka ce ka tabbatar babu bambanci ba. Abin da za ka ce shi ne ba ka samu hujjar bambanci ba. Af, in wani ne ya shigar maka da bayanan, ka buɗe Variable View ka duba Values ka ga wa aka ba 0, wa aka ba 1. In aka juya su, alamar B ma juyawa take yi.

Maganar .000 kuma: ba sifili ba ne, lambar ce ta yi ƙanƙanta har gurbi uku bai ishe ta ba. Kada ka rubuta p = .000. Rubuta p < .001. Sababbin fitowar SPSS ma haka suke nunawa da kansu.

Wani zai ce, to ai 1.50 ya fi 1.20, kenan waya ta fi karatu ƙarfi. Tsaya tukuna. Ɗaya awa ce a rana, ɗaya awa ce a mako. Mudu da tiya ne, ba a gwada su kai tsaye. Wannan shi ne aikin Beta, yana mayar da su ma'auni ɗaya. Karatu .44, waya -.20. In ka ajiye alamar gefe ka dubi girman, karatu ya ninka waya. Ka riƙe wannan: B don bayani, Beta don gwadawa.

To yaya ake rubuta sakin layin? Ka bi teburan a jere. Zan karanta nawa da Hausa, kai ka zuba shi a harshen da sashenku yake karɓa:

"An yi amfani da rigireshan mai abubuwa da yawa don duba alaƙar awannin karatu, awannin waya da jinsi da makin jarrabawar ɗalibai 200. Abubuwan uku a haɗe sun bayyana kashi 31 cikin ɗari na bambancin maki, R² = .31, Adjusted R² = .30, F(3, 196) = 29.35, p < .001. Kowace ƙarin awa ta karatu a mako tana da alaƙa da ƙarin maki 1.2 (B = 1.20, β = .44, p < .001), yayin da kowace ƙarin awa a waya a rana take da alaƙa da raguwar maki 1.5 (B = -1.50, β = -.20, p = .003), idan sauran abubuwan ba su canza ba. Ba a samu hujjar bambanci tsakanin maza da mata ba (B = 1.10, p = .443). Saboda haka an yi watsi da hasashen rashin alaƙa na farko da na biyu, ba a yi watsi da na uku ba."

Ka lura, 3 da 196 ɗin da ke bayan F daga df na teburin ANOVA suka fito. Ka kuma lura na ce "tana da alaƙa da", ban ce "tana jawo" ba. Takardar tambayoyi ka raba sau ɗaya, ba gwaji ka yi ba. Wataƙila waya ce ke rage maki, wataƙila kuma ɗalibin da ya riga ya sare da karatu ne yake komawa waya. Teburin ba zai raba maka wannan gardamar ba. Dalilai da abin da masu binciken baya suka ce, ka adana su sai wajen tattaunawa.

Abu na ƙarshe, kada ka ɓoye layin jinsi don bai ba ka abin da kake so ba. Sakamako ne shi ma, kuma duk wanda ya ga 3 a df zai tambaye ka ina na ukun.

Aikin gida: daren nan ka buɗe teburinka, ka ɗauki layi ɗaya, ka samu ƙanwarka ko abokin ɗakinka, ka faɗa masa ma'anar B ɗin da Hausa, da sunan abin da ka auna, awa ce, naira ce, ko maki. In ya ce "da nawa?" kuma ka amsa ba tare da ka leƙa takarda ba, to ka shirya wa dattijon nan mai gilashi.

Allah Ya ba masu kare kundi sa'a.