Wa'adin Shigar da Ƙara: Yadda Jinkiri Ke Kashe Haƙƙi a Kotu

Shugaban taro, shugabannin ƙungiya, 'yan'uwa malamai na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ina yi muku barka da zuwa.

Maganata a yau a kan wa'adin shigar da ƙara ce. Mutum yana iya zama da gaskiya, da takardu da shaidu, amma alƙali ya sallami ƙararsa ba tare da ya saurari shaida ko ɗaya ba, saboda lokacin da doka ta ɗiba ya wuce. Dalilin doka shi ne shaidu suna mutuwa, takardu suna ɓata, kuma bai dace a bar mutum cikin fargabar ƙara har abada ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin mun san hauzi a fiƙihun Malikiyya. Wanda ya ga baƙo yana noma gonarsa shekara 10, yana gari, bai yi magana ba, kuma babu abin da ya hana shi, to ba a sauraron da'awarsa, sai fa idan aro ne ko haya ko jingina.

Wa'adin da ya fi shafar malami shi ne na Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wadda asalinta tun 1916 ne. Sashe na 2(a) ya ba da wata 3 kacal ga mai son ƙarar jami'i a kan abin da ya aikata a bakin aikinsa. A shari'ar Ibrahim da Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jihar Kaduna, Kotun Ƙoli ta ce kariyar ta haɗa har da hukumomi, ba mutane kaɗai ba.

Bari mu ɗauki misali. A ce malami a Riruwai ya karɓi takardar kora ranar 10 ga Maris, ba a taɓa kiransa ya kare kansa ba. Daga wannan rana lissafi ya fara. A Afrilu ya rubuta takardar koke, aka ce ya yi haƙuri ana dubawa. A Mayu ya ratsa dajin Falgore ya je Kano, aka ce kwamiti bai zauna ba. Dattawa suka shiga tsakani, damina ta faɗi, ya koma gona. Sai a Satumba ya shigar da ƙara a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C na tsarin mulki ya ba ikon sauraron rigimar aiki. Lauyan hukuma zai tashi ya ce lokaci ya wuce. Alƙali kuwa takardar ƙarar kawai zai duba, ya kwatanta ranar korar da ranar shigar da ƙara. Wa'adi ya cika tun wajen 10 ga Yuni, saboda haka batun rashin sauraronsa, wanda da shi zai yi nasara, ba za a ko taɓo shi ba.

Abin lura shi ne koke da sulhu ba sa tsayar da lissafi. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1994 a shari'ar Eboigbe da NNPC, inda aka ɓata shekaru ana musayar wasiƙu kan diyyar amfanin gona, har ƙarar ta mutu.

Akwai togiya. Idan cutarwar tana ci gaba, ana fara ƙirga ne daga ranar da ta tsaya, kuma kotuna sun sha ɗaukar hana fansho ko albashin aikin da aka riga aka yi a wannan matsayi. Kora kuwa rana ɗaya take faruwa, ko da raɗaɗinta ya daɗe. Haka kuma a 2019, a shari'ar Hukumar Rabon Arzikin Ƙasa da Ajibola Johnson, Kotun Ƙoli ta ce dokar ba ta shafi yarjejeniyar aiki ba. Amma a 2021, a shari'ar Idachaba da Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi, ta yi aiki da ita a kan ma'aikata. Tunda hukunci ya zo ta fuska biyu, mai hankali zai ɗauka wata 3 ɗin nan suna kansa.

Saboda haka, duk wanda ya karɓi takardar kora ko rage matsayi ko ritayar dole, ya rubuta ranar karɓa a jikinta, ya sanar da sakataren reshe a wannan mako. Ya rubuta koke, ya ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ya ga lauya kafin wata guda ya cika, domin wasu dokoki suna bukatar a ba hukuma sanarwa kafin a kai ta ƙara, wannan ma yana cin kwanaki. Shigar da ƙara ba ya rufe ƙofar sulhu. Idan an daidaita, ana iya janyewa.